Gaida suruki karon farko: daga bakin zaure har fitowa

Kwanakin baya na raka ƙanena cikin birni, can wajen Ƙofar Gayan, gaida mahaifin yarinyar da aka sa musu rana. Yaron a Legas ya tashi wajen kawunmu, Hausa dai yana ji tsaf amma zama gaban manya irin namu na Zazzau bai saba ba, tun muna cikin keke daga Tudun Wada yake ta tambayata, Yaya ni idan mun shiga me zan ce. Na ce masa abin da za ka ce bai fi jimla biyar ba kuma ka riga ka san su tun kana yaro, abin da ba ka sani ba shi ne waye ke fara mene. Akwai abubuwan da ƙarami ke farawa, akwai waɗanda dole ka jira babba ya fara, kuma kusan duk wanda ka ji an ce ya je gidan surukai bai iya gaisuwa ba to a nan ya cakuɗa. Sallama taka ce, sauke jiki naka ne, gaisuwar farko taka ce. Miƙa hannu nasa ne, nuna wurin zama nasa ne, buɗe hira nasa ne. Bari in bi da ku yadda muka yi a ranar, domin na san akwai samari da yawa a Samaru da Sabon Gari da wannan ziyara ke gabansu.

Kafin ku bar gida

Kar ka je kai kaɗai, kuma kar ka je ba a san da zuwanka ba. Ka samu yayanka ko abokinka mai natsuwa, mutum ɗaya ko biyu sun isa, ba gayyar majalisa ba. Amfanin ɗan rakiya shi ne duk maganar da kunya ba za ta bari ta fito daga bakinka ba shi zai faɗe ta, shi zai gabatar da kai, shi zai ajiye abin da kuka kawo, shi zai nemi izinin tafiya. Sanarwa kuma ta hannun yarinyar ko yayanta za ta bi, a tambayi Baba wane lokaci ya dace, ba kai za ka kira shi a waya ka ce ga ka nan tafe ba.

Mu bayan la'asar aka ba mu, muka isa wajen ƙarfe huɗu da rabi, kuma ni a ganina babu lokacin da ya fi wannan. Dattijo ya dawo masallaci, ya zauna a zaure, akwai kusan awa ɗaya da rabi kafin magariba, za ku gama ku tafi ba ku takura shi ba. Da sassafe ba a yi, da tsakar rana lokacin hutawarsa ne, gab da magariba kuwa sai ka ga mutum yana duban buta kai kuma ka zauna. Wani abu da ya shafi cikin birnin Zariya musamman, gidaje da yawa na malamai ne kuma ana karatun zaure, idan kun tarar ana karatu to ku yi sallama a hankali ku zauna can baya kusa da ƙofa har a shafa fatiha, kar ku tsallaka almajirai don ku gaisa.

Sutura kuwa kaftani mai tsabta da hula, shikenan, ba sai babbar riga ba. Ka sa takalmin da za ka zare da ƙafa ba tare da ka sunkuya kana kwance igiya ba. Gilashin rana ya shiga aljihu, cingam a zubar, a kashe ƙarar waya tun daga bakin layi. Sannan ka tambayi yarinyar abu biyu tun kafin ranar, me 'yan gidan ke kiran mahaifinsu, kuma mata nawa ne a gidan, wace ce uwargida. Za ka ga amfanin wannan a gaba.

A bakin ƙofa

Da muka isa sai ƙanena ya nufi ƙofar zauren kai tsaye zai leƙa, na riƙo hannunsa. Ba a tsayawa saitin ƙofa, gefe ake raɓewa dama ko hagu, yadda idonka ba zai faɗa cikin gidan ba, sannan ka ce salamu alaikum da muryar da za a ji amma ba ta mai kiran bashi ba. Idan ba a amsa ba ka ɗan jira ka sake, iyaka sau uku kamar yadda ya zo a hadisi, in shiru to ku nemi yaro a layin ku aika shi ya ce ana sallama da maigidan. Ko an amsa sallamar ma amsawa daban izinin shiga daban, sai ka ji an ce bismillah ko ku shigo.

Takalmi a bakin zaure yake tsayawa, ko aƙalla nesa da bakin tabarma. Ko da maigidan ya ce ku shigo da shi ba komai, ku dai cire. Ɗan rakiya ke shiga gaba in ya girme ka, kai kana biye.

Sauke jiki, da maganar hannu

Nan ne zuciyar abin. Mun samu dattijon zaune kan buzu ya jingina da bango, carbi a hannu, ga wani tsoho abokinsa a gefe. Ƙa'idar ita ce kanka kar ya fi nasa tsawo lokacin da kake gaishe shi. In yana ƙasa kai ma ƙasa za ka, in yana kan kujera kai ka tsuguna ko ka zauna kan kafet. Ka tsaya kamar taku biyu ko uku daga inda yake, kar ka matse shi, kar kuma ka maƙale a bakin ƙofa har sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi. Ka tsuguna, ko ka kai gwiwa ɗaya ƙasa, hannuwanka a kan gwiwa, kuma sai ka gama sauka sannan ka buɗe baki. Samari da yawa suna fara ina wuni tun suna tsaye su ƙarasa ta suna rabin tsugune su miƙe nan take kamar wanda ya taka garwashi, dattawa suna lura da wannan sosai, shi ake kira gaisuwar tsaitsaye ko da gwiwa ta ɗan lanƙwasa.

Akwai gidajen da ba sa son durƙuso saboda fahimtarsu ta addini, malamai da dama sun yi magana a kan rusunawar da ta yi kama da ruku'u, kuma za ka iya samun surukin da zai ce maka tashi tashi, ba a yi min haka. In ka ji haka kar ka yi gardama kar kuma ka miƙe ƙiƙam a kansa, sai kawai ka zauna a ƙasa ka tanƙwashe ƙafa. Ni shi ya sa kullum nake ba mutane shawarar tsugunawa ko zama maimakon duƙawa daga ƙugu, domin zama a ƙasa babu gidan da zai ƙi shi.

Hannu kuma ba naka ba ne. Na san akwai masu cewa ai musafaha sunna ce, haka ne, amma a al'adar nan babba ke miƙowa, kai kuma ka karɓa. In ya miƙo ka matsa a tsugunen, ka karɓa da dama, hagunka na riƙe da tsintsiyar hannun daman ko ka haɗa biyun, ba matsewa ba girgizawa, in ya saki ka kai hannun ƙirjinka. In bai miƙo ba kar ka ɗauka fushi ne, surukai da yawa ba sa ba mijin 'yarsu hannu saboda kunya, wani har a shekara goma. A ranar ni dattijon ya ba ni hannu, ƙanena bai ba shi ba, na hango yaron ya fara ɗago nasa sai ya tuna ya mayar kan gwiwa, na ce alhamdulillahi a raina.

Abin da za ka ce

Ga yadda ta kasance, kusan kalma da kalma.

“Baba barka da yamma, an wuni lafiya?”

“Lafiya lau, alhamdulillahi.”

“Mun same ku lafiya?”

“Lafiya ƙalau.”

“Ya iyali, ya ƙarfin jiki?”

“Alhamdulillahi. Ya mutanen gidan, ya wajen su Alhaji?”

“Suna lafiya, sun ce a gaishe ku.”

“Muna amsawa. Madalla, Allah ya yi albarka.”

“Amin Baba, na gode.”

Ku lura babu inda aka ce kai ko ka. Ana cewa ku, ko a sakaya a ce an wuni lafiya, an tashi lafiya. Ka wuni lafiya maganar sa'anka ce. Haka ya kake, ya garin, ya ake ciki, kwana biyu, duk ka bar su a majalisa. Sannu ita kaɗai ma ba ta isa gaisuwar suruki ba, sai dai in ka haɗa ta ka ce sannu da hutawa. Tambayoyinka uku ko huɗu sun wadatar, daga nan ka yi shiru, shi zai juyo da nasa, kai kuma amsarka gajera, lafiya lau, alhamdulillahi, da godiya. Ko da maleriya ka kwana, amsar ya gida lafiya ce. Idonka yana ƙasa wajen tabarma ko gwiwarsa, kana ɗan ɗagowa idan yana maka magana don ya san kana ji, amma ba a zuba wa suruki ido. Ƙanena a Legas ya saba da cewa kallon ido shi ne alamar gaskiya, a zauren birni kuwa tsaurin ido ake kiransa.

Sunansa na yanka haramiyarka ne, ba a gabansa ba ba a bayansa ba. Abin da 'ya'yansa ke kiransa shi za ka bi, Baba ko Abba ko Alhaji ko Malam. In akwai wani yaro a gidan mai sunan maigidan za ka ji ana ce masa Abba ko Baba ƙarami ko Halifa, kai ma haka za ka kira shi. In malami ne sai ka ce Allah gafarta Malam, kuma ita ce za ka riƙa amsawa da ita duk sanda ya kira ka maimakon na'am kaɗai. In mai sarauta ne, kuma a Zariya wannan ba abin mamaki ba ne domin gidajen sarauta huɗu gare mu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, ga hakimai da masu unguwanni, to da sarautar ake kiransa, ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin wane ka faɗi sarautar, ka dunƙule hannun dama ka yi jinjina. Ka tambaya tun a gida don kar ka kira sarautar da ba tasa ba, in ba ka da tabbas ranka ya daɗe ta ishe ka.

Kar ka manta da wanda ke zaune tare da shi. Bayan ka gama da maigida ka juya ga tsohon da ke gefe ka yi masa irin gaisuwar da ka yi, ba tare da ka miƙe ba. Mu ashe tsohon nan da muka tarar baffan yarinyar ne, kuma shi ne waliyyinta, da mun yi masa gaisuwar ɗaga hannu da mun tafka kuskure babba.

Zama da hira

Bayan gaisuwa zai ce ku zauna, ko ya nuna kujera. In shi yana ƙasa kujera ba taku ba ce ko ya nuna, ku ce nan ma ya isa Baba. In ya matsa sau biyu sau uku to ɗan rakiya na iya hawa, kai ango ka zauna a ƙasanka. Kar ka hau buzunsa ko dardumarsa, kar ka miƙe ƙafa tafin yana kallonsa, kar ka jingina ka harɗe. Da kun zauna za a sake gaisawa, wannan karon a taƙaice, ina gajiya, ya hanya, kar ka yi mamaki ka ce ai mun gaisa, ta farko ta isowa ce ta biyu ta zama ce.

Sai ɗan rakiya ya yi magana. Ni abin da na ce shi ne, Baba dama yaronku ne muka kawo ya gaishe ku, su Alhaji suka ce lallai a zo. Ban faɗi sunan yarinyar ba, ban ambaci aure ba, kowa ya san abin da ya kawo mu. Daga nan hira tasa ce. Ya tambayi ƙanena aikinsa, ya tambayi wace unguwa ce asalinmu, da ya ji sunan kakanmu sai ya ce ai sun yi karatu a zaure ɗaya da wani ƙanensa, nan fuskarsa ta sake. Wannan tambayar ta ɗan gidan waye kusan dole ce a birni, don haka ka je da sunan kakanka da unguwarku a bakinka. Ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, kar ka kawo zancen albashinka, kar ka shiga siyasa ko saɓanin malamai ko da shi ya taɓo, Allah ya kyauta ta isa amsa. In ya faɗi abin da ka san ba haka yake ba yau ba ranar gyara ba ce.

Za a kawo ruwa, wataƙila da fura ko lemo. Ruwan ka kurɓa ko kaɗan ne da hannun dama, ƙin taɓawa gaba ɗaya yana iya zama kamar ƙyama. Abinci kuwa ango ba ya sakin ciki a gaban suruki, yawanci ma dattijon zai tashi ya ba ku wuri, in bai tashi ba ɗan rakiya ya ci kai ka taɓa.

Yadda za ka gane gaisuwar ta karɓu ba wuya. In ya riƙa ƙara tambaya, ya sa albarka fiye da sau ɗaya, ya kira yaro ya ce kai su ciki su gaida iyayensu, to an yi dace. In amsa ta zama lafiya, lafiya, ba a juyo maka da tambaya ba, ya koma kan carbinsa ko rediyonsa, to ko dai lokacin bai dace ba ko wani abu ya kauce, ku taƙaita ku tashi. Amma kar ka yanke hukunci daga shiru kaɗai, in yarinyar 'yar fari ce uban na iya yin kamar bai san da kai ba, wannan kunya ce, sai ka ji labarin yabon daga baya ta bakin wasu.

Cikin gida

Ba ka shiga sai an ce ka shiga, kuma da yaro a gaba yana sanarwa don mata su kintsa. Uwargida ake fara gaidawa ko ba ita ta haifi yarinyar ba, sannan sauran bi da bi, kuma tsawon gaisuwar ya zama ɗaya. Wallahi wannan wurin yana jawo magana fiye da zaure, ka daɗe a ƙofar mahaifiyarta ka yi wa kishiyar ina wuni a tsaye, matarka ce za ta sha wannan maganar shekara da shekaru. A bakin ƙofar ɗaki za ka tsuguna, ba ka ɗaga labule, ba hannu ko kusa, Mama ko Inna ko Hajiya an wuni lafiya. Mu mahaifiyar ba ta fito ba sam, daga bayan labule muka ji lafiya lau can ƙasa-ƙasa, kishiyarta ce ta yi ta sa albarka a madadinta, kuma hakan daidai ne. Kaka ce kaɗai za ta ja ka da wasa, ta ce ga mijina ya zo ko ta ce ka yi mata kishiya, ita kam ka yi murmushi ka ɗan rama a hankali, ka ajiye mata na goro.

Abin hannu da tashi

Ba a zuwa hannu rabbana, amma kuma ba ranar nuna arziki ba ce. Mu turare muka kai wa Baba da dabino, sai ɗan kuɗi a ambulan, na iyaye mata kowacce nata daban kuma daidai wa daida. Sai za a tashi ake bayarwa, ɗan rakiya ya tura a gefen tabarma ya ce ga wannan ba yawa a sayi goro. Ba a danƙa wa suruki kuɗi tsirara a tafin hannu, ba a ƙirgawa a gabansa, kuma dan Allah kar ka ce masa ya turo lambar asusu. Zai ce haba har da wahala, ku ce ba komai Baba, shikenan.

Mu duka zaman zauren bai wuce minti ashirin ba, da shiga ciki ya zama kamar rabin awa. Na ce Baba za mu koma, ya ce tun yanzu, na ce eh kar magariba ta same mu a hanya. Ya yi addu'a muka shafa, ya ce ku gaida gida, muka ce za su ji. Ka tashi a hankali, ka ɗan ja da baya taku biyu kafin ka juya, takalminka ka ɗauka ka matsa gefe ka sa, waya kuma ta bari sai kun bar layin. In kiran salla ya riske ku a can ku bi shi masallaci, in ya ce ango ya ja salla ka ce a'a Baba ku dai.

Daga ranar duk inda ka gan shi kai ke zuwa wajensa. In kana kan mashin ka tsaya ka kashe ka sauka, in a mota ne ka faka ka fito, ba a yi wa suruki hon ko a ɗaga masa hannu ta taga, ko a tsakiyar kasuwar Sabon Gari ne ka ɗan rage tsawo ka gaishe shi. Bayan biki za ku sake komawa da abokai yin godiya, sannan duk salla ƙarama da babba, da duk lokacin da aka yi rashi ko rashin lafiya a gidan, wannan da ƙafa ake zuwa ba a waya ba.

In kuwa sabon oga za ka je gaisarwa karon farko a ofis, ba suruki ba, rabin wannan ne. Ka ƙwanƙwasa ka yi sallama, ka jira a ce shigo, ba cire takalmi sai in ka ga an jera su a ƙofa, ba tsugunawa har ƙasa, ɗan rusunawa ya isa. Hannu da kujera har yanzu nasa ne, ka kira shi ranka ya daɗe ko yallaɓai, mace ranki ya daɗe ko Hajiya, in Farfesa ne ko Dakta ka sa masa abinsa. Bambancin shi ne a nan kai za ka faɗi sunanka da sashen da kake da bakinka, ka ɗago ido idan kana magana, ka yi masa Allah ya taya riƙo, kuma in ba shi ya tsayar da kai ba minti biyu ka fita, takardar ƙorafinka ta jira wani satin.